Yadda ake shawo kan kwaɗayin zaƙi da maiƙo bayan daren da barci ya yi ƙaranci

Wanda bai samu barcin kirki ba yakan wayi gari cikinsa na ƙugi, ransa kuma ba ya biya masa komai sai kayan zaƙi da soye-soye. Dalilin yana cikin jini. Tumbi yana fitar da sinadarin girelin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai yunwa, kitsen jiki kuma yana fitar da leftin mai sanar da ita cewa an ƙoshi. A binciken da aka buga a 2004 daga Jami'ar Chicago, samari 12 sun yi dare biyu suna barcin awa 4 kacal. Da aka kwatanta da lokacin da aka ba su awa 10, girelin ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, leftin ya ragu da kashi 18, kuma sha'awarsu ta fi karkata ga alawa da kayan gari masu nauyi.

Mataki na farko shi ne tantance yunwar. Idan ka ji ta, tambayi kanka ko za ka iya cin abinci mara zaƙi kamar dafaffen ƙwai. In za ka iya, yunwa ce ta gaske, sai ka ci. In kuwa ranka ya ƙi komai sai zaƙi, kwaɗayi ne da gajiya ta haifar, domin rashin barci yana raunana sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna shawara, yana kuma zuga sashen da ke bin daɗi. Sha ruwa, ka ɗan taka na minti 10, sannan ka sake dubawa.

Na biyu, kada ka tsallake karin kumallo, kuma ya ƙunshi abinci mai gina jiki kamar ƙwai, wake ko kifi, saboda irinsa ya fi daɗewa yana danne girelin. A ganina nan aka fi kuskure: mutum ya karya da abin sha mai sukari, sukarin jininsa ya hau ya sauko, kafin hantsi yunwa ta dawo.

Na uku, tanadi abin da za ka ci da yamma tun da safe, domin daga azahar zuwa dare ne kwaɗayin ya fi tsananta. Idan da hali, yi gajeren barci na minti 20 da rana.

Na huɗu, ka daina shan kofi bayan azahar, domin rabin sinadarinsa yana nan a jini bayan kimanin awa 5, sannan ka kwanta da wuri don samun aƙalla awa 7. Idan kuwa kana cika waɗannan awanni amma kana tashi a gajiye, kana minshari mai ƙarfi, ko ƙishirwa da yawan fitsari sun haɗu da yunwar, to ka je likita ya duba numfashinka na barci da sukarin jininka.