Kafin ka biya kuɗin wata saboda fim ɗaya

Na gaji da jin ƙorafi iri ɗaya: an duba JustWatch, shafin da ke nuna manhajar da ake samun kowane fim, an ga fim yana manhaja kaza, an biya kuɗin wata, an shiga babu shi. Kusan kullum matsalar ƙasa ce. Kamfanonin nan suna sayen izinin nuna fim ne ƙasa-ƙasa, don haka abin da mai Netflix yake gani a Amurka ba lallai ne mai Netflix a Kano ya gan shi ba. Kuma idan daga Google ka faɗo shafin, sau da yawa na Amurka zai buɗe maka.

Dubi adireshin da ke sama. In ka ga justwatch.com/us, lissafin Amurka kake karantawa. Na Najeriya shi ne justwatch.com/ng. Canza ƙasar tukuna, sannan ka rubuta sunan fim. Ni ma na taɓa asarar kuɗin wata guda da data a kan wannan, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana maimaitawa. Reelgood kuwa, wani shafi irin JustWatch, kada ma ka wahalar da kanka, ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya yake yi wa aiki.

Na biyu, ganin tambarin manhaja sai mutum ya yi tsalle, bai karanta layin da tambarin yake ba. Haba malam! Stream na nufin fim ɗin yana cikin kuɗin wata. Rent haya ce, kuɗinta daban, kuma da ka fara kallo galibi awa 48 gare ka. Buy saye ne. Prime Video tana iya fitowa a layin haya kaɗai, ka ga ke nan kuɗin watanka bai kai nan ba. Wani ƙanena ya tara abokai a ɗaki, an sayo tsire, an zauna, sai allo ya nemi katin banki.

Sai shekara. Fim mai suna Don na Amitabh Bachchan na 1978 ne, na Shah Rukh Khan kuma 2006. Sunan ɗaya, mai nuna wannan ba dole ya mallaki wancan ba. Duba shekara da hoton fasta. Sunan da masu fassara suka laƙaba wa fim ɗin Indiya da Hausa ba zai fito ba, nemi na asali. Tsohon labarin jarida da ya ce fim yana wuri kaza ma kada ka dogara da shi, izini yana ƙarewa.

JustWatch ɗin kansa yakan makara wajen sabunta bayani. Abin da nake yi shi ne na danna tambarin ya kai ni shafin fim ɗin a manhajar, ko na sa wanda yake da rajista a ƙasar nan ya nemo min shi a wayarsa. Sai ya ce ya ga maɓallin kunnawa nake ciro katina.