Darasi na 9: Maganar foman ran Litinin da safe

Wannan darasi maganar da wani foman ya yi wa leburorinshi ce a wurin ginin bene a Birnin Kebbi, da safe kafin a taɓa shebur. Ka karanta a hankali, ka sa yatsa ƙarƙashin layi, in kalma ta tsaya maka ka koma baya ba wanda ke korarka.

Kashi na 1: Ɗaukar buhun siminti

Foman ya ce: "Jama'a barkanmu da kwana, ku matso kusa. Baba mai kwaɓa ajiye shebur ɗin tukun. Yau motar siminti za ta shigo, kuma satin da ya wuce mutum biyu sunka tafi gida riƙe da ƙugu, ban son a sake. Wanda duk zai ɗauki buhu ya durƙusa, kada ya duƙa. Kun ji ni? Gwiwa za ta lanƙwashe, ba baya ba."

Yanzu mu tsaya nan. Duba jikin buhun, za ka ga lamba 50 da haruffa biyu, k da g. Ma'anarsu kilo 50, nauyin buhun kenan, kuma bai raguwa don kana saurayi.

Ga yadda ake yi. Ka matsa har ƙafarka ta kusa taɓa buhun, ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka, ɗaya ta ɗan shige gaba. Sai ka durƙusa, wato ka lanƙwasa gwiwa ka sauko ƙasa kamar mai zaman alwala, bayanka a miƙe kanka yana kallon gaba. Ka kama buhun da hannu biyu ka jawo shi ya manne da cikinka, sannan ka tashi a hankali da ƙarfin cinya, ban da fizga.

Nan ne kowa ke kuskure. A aji ina cewa a nuna min, mutum ya karanta "durƙusa" daidai da bakinshi, sai ya je gaban buhun ya sandare ƙafafu ya turo ƙugu sama ya duƙa. Wannan duƙawa ce. In gwiwarka a miƙe take ka yi kuskure, sake. Ba komai, jiki ne ya saba, sake dai. Gwiwa ta lanƙwashe, baya ya miƙe.

Dalili kuwa, tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani abu mai taushi da ke raba ƙashi da ƙashi, in ka duƙa da kaya nesa da jikinka nauyin duk a ƙasan baya yake taruwa ya matse shi, wata rana ya ɓullo ya danne jijiya. Cinya kuma nama ne mai kauri, aikinta kenan. Shi ya sa muke cewa gwiwa, ba baya ba.

Foman ya ci gaba: "In kun ɗauka za ku juya, ku juya da ƙafa, kada ku murɗa ƙugu kaya na hannu. Kuma daga mota zuwa sito a sa baro. Wurin ɗorawa mutum biyu, ɗaya nan ɗaya can, mutum guda ne zai ƙirga, ɗaya, biyu, uku, a tashi tare. Jeri kada ya wuce buhu 10, a kan katako."

Ka lura da ajiyewa. Da yawa sun iya ɗauka amma in sun iso sito sun gaji sai su duƙa su saki, to ajiyewa ma ɗauka ce ta koma baya, ka durƙusa da buhun manne da jiki har ya sauka, ka zare yatsu kafin ya zauna. Buhu na farko kowa na yi daidai don foman na kallo, na bayan azahar shi ke karya mutum. Haba jama'a, manya da ku, da iyali a gida, sau nawa za a faɗa? Ko bulo guda ne a ƙasa, ko kwanon sarki cike da kankare, gwiwa dai.

In ciwon baya ya sauko ta ɗuwawu zuwa ƙafa, ko ƙafar ta riƙa yin sanyi tana mutuwa, a bar ɗaukar kaya a je asibiti, kada a tsaya shan maganin ƙarfi na 'yan tebur, ciwon kawai yake rufewa ka ƙara ɓarna ba ka sani ba. In fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce wa mutum, wannan ba a kwana da shi, a tafi nan take.

Aiki: ka rubuta a littafinka sau biyar, "Zan durƙusa, ba zan duƙa ba." Sannan ka tashi ka gwada da buhun da ba komai ciki.

Kashi na 2: Hular kwano

Foman ya ce: "Wannan satin ana aiki sama, bulo da guduma na iya suɓucewa. Kowa hular kwano a kai tun daga ƙofa. Na san da zafi, ni ma kaina na gumi, amma a bar ta."

Juya hular ka duba cikinta. Akwai igiyoyi da suka gitta, su ne ke zama a kanka, kuma tsakaninsu da kwanon akwai fili kamar yatsa biyu. Wannan filin shi ne ke shanye bugu, don haka kada ka cusa hularka ta gida ko waya ko tsumma a ciki. A baya akwai wurin matsewa, ka matse har in ka sunkuyar da kai ba ta faɗi ba. In ta tsage, ko abu mai nauyi ya taɓa faɗa mata ko da ba ka ga tsaga ba, ka kai wa foman ya canza. Ba kujera ba ce kuma ba a ɗibar ruwa da ita.

Masu ɗaukar kwanon sarki da gammo suna tambayata yaya za su yi, tunda hula da gammo ba su haɗuwa. Gaskiyarsu. A ganina wannan nauyin foman ne, ya hana aiki a saman hanyar da suke bi, ko a ja kankaren da igiya. Da ka sauke kwano ka mai da hularka.

Kashi na 3: Takalmi

"Silifas ya tsaya gida," in ji foman. "Katakon da anka ɓamɓare duk ƙusa ne."

Takalmin aiki yana da ƙarfe a baki saboda yatsu, amma ba kowanne ke da kariya a tafi ba, don haka ka dinga duba inda kake takawa. Ka zazzage shi da safe saboda kunama. In kankare ya shiga ciki ka cire ka wanke ƙafa da ruwa mai yawa, siminti mai danshi yana cin fata. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya je asibiti a ranar a duba ko yana buƙatar allura.

Aiki: karanta kashi na 3 da ƙarfi sau biyu.