Yadda ake rubuta iyakar aiki a ƙaramar kwangila don kada abin da aka cire ya jawo rigima

Jimlar da ke cewa "ban da gyaran daɓe" ba ta kammala aikinta ba. Ta faɗi abin da ƙaramin ɗan kwangila ba zai yi ba, amma ba ta faɗi wanda zai yi ba, ba ta nuna inda aikin wani ya ƙare na wani ya fara ba, ba ta kuma ce me za a yi idan an iso wurin aka tarar ba a yi ba. Daga waɗannan giɓi uku ne galibin taƙaddama ke fitowa. Za mu ɗauki aiki guda mu bi shi: babban ɗan kwangila yana gina bene mai hawa ɗaya, ya ba wani aikin sa tayil a ƙasa mai faɗin murabba'in mita 300, haɗe da banɗaki shida.

Mataki na farko: fara da abin da ke ciki, ka ɗaure shi da zane

Kafin ka cire komai, rubuta abin da aka haɗa. Kada ka ce "duk aikin tayil na ginin". Ka ambaci lambar kowane zane da lambar gyaransa da kwanan watansa, domin zane yana canjawa ana cikin aiki. Idan an yi farashi a kan gyara na biyu, sannan gyara na huɗu ya ƙara tayil a baranda, lambar nan ce kaɗai za ta nuna cewa barandar ƙari ce.

Sai ka jera wuraren ɗaki bayan ɗaki, da nau'in tayil da girmansa, misali santimita 60 sau 60, da tsayin tayil ɗin bangon banɗaki, ko zuwa mita 2.1 ne ko har rufi. Ga kowane abu ka raba aikatau uku: wa zai sayo, wa zai kai inda za a yi aiki, wa zai sa. Tayil mai wannan girma guda 834 ne ke rufe murabba'in mita 300. Idan babban ɗan kwangila ne mai sayowa, a rubuta rarar da aka amince saboda yanka da fashewa, a ce kashi 10 cikin ɗari, wato jimilla kusan guda 917, kuma abin da ya haura haka mai sa tayil ne zai biya.

Mataki na biyu: bi bakin iyaka, ba tsakiyar aiki ba

Ba wanda ke musun wa zai sa tayil a tsakiyar falo. Musu yana tashi ne a inda aikin ya haɗu da na wasu. Don haka ka ɗauki zanen ka bi aikin ta sama da ƙasa da gefe, kana tambayar me ya taɓa. A ƙarƙashinsa akwai daɓen siminti da birkila ya yi. A banɗaki akwai maganin hana ruwa ratsawa, da gangaren da ke kai ruwa magudana, da bakin bututun da mai aikin famfo ya bari. A bakin ƙofa akwai ƙarfen da ke raba tayil da wani nau'in ƙasa. A jikin bango akwai ɗan tayil ɗin da ke zagaye gindin bango. A bayan aikin kuma akwai rufe tayil don kada fenti da turmin wasu su ɓata shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dole ya fito a takarda, ko cikin abin da aka haɗa ko cikin abin da aka cire. Wanda bai fito ko'ina ba shi ne rigimar gobe.

Haka ma hidimomin wurin aiki: ruwa, wutar injin yanka, ɗakin ajiya, hawar da kaya bene, da kwashe shara. Layi ɗaya-ɗaya ya ishe su, amma a kula da shara. "Zai tara sharar aikinsa a wurin da aka keɓe a ƙasa" daban ne da "zai fitar da ita daga harabar".

Mataki na uku: ba kowace togaciya sassa huɗu

Nan ne ainihin aikin yake. Kowane abu da aka cire a rubuta shi da abin da aka cire ɗin, da wanda zai yi shi, da halin da za a miƙa shi da ma'aunin da za a iya gwadawa, da abin da zai biyo baya idan bai cika ba.

Ga yadda togaciyar daɓe za ta kasance: "Yin daɓen siminti da daidaita shi ba sa cikin wannan kwangila. Babban ɗan kwangila ne zai yi, ya miƙa shi a bushe, a tsabtace, kuma idan aka aza miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ko'ina, ratar da ke ƙarƙashinsa ba za ta wuce milimita 3 ba. Ɓangarorin biyu za su duba tare kafin a fara, su sa hannu a takardar miƙawa. Inda aka samu ya wuce haka, babban ɗan kwangila zai gyara, ko ya ba da umarni a rubuce ƙaramin ɗan kwangila ya gyara a kan farashin da ke jadawalin ƙarin aiki."

Milimita 3 a ƙarƙashin mita 2 ba lamba ce ta ka-cici-ka-cici ba. Ita ce ajin SR1 a ƙa'idar daɓe ta Birtaniya mai lamba BS 8204, inda SR2 ke ba da milimita 5, SR3 kuma milimita 10. Babban tayil ba ya lanƙwasawa, don haka daɓen da ya dace da ƙaramin tayil zai iya barin gefen wannan babban tayil ya ɗara na wancan, ko a samu rami a ƙarƙashi wanda ke amsa amo idan an ƙwanƙwasa. Bushewa ma a sa mata lokaci: an saba ba daɓen yashi da siminti aƙalla mako uku kafin a ɗora masa tayil, saboda yana ci gaba da tsukewa.

Duba abin da ke faruwa idan an tsaya a "ban da gyaran daɓe". Mai tayil ya iso ya tarar murabba'in mita 80 na hawan sama sun lotsa da kimanin milimita 10. Garin daidaita ƙasa yana cin kusan kilo 1.7 a kowane murabba'in mita a kaurin milimita ɗaya. Lissafi ya kama kilo 1,360, wato buhu 55 masu kilo 25, ban da ladan aiki da kwanakin jira. Babban ɗan kwangila zai ce wannan ba gyara ba ne, shiri ne da kowane gwani ke yi da gam. Mai tayil zai ce gyara ne. Duka biyun suna da abin faɗa, domin takardar ba ta ba su ma'auni ba. Da akwai milimita 3 a rubuce, da ƙarfe da awo sun raba gardamar cikin awa ɗaya.

Banɗaki ma haka. A rubuta wa zai shafa maganin hana ruwa, zuwa wane tsayi a bango, kuma za a tare magudana a cika ƙasan da ruwa na aƙalla awa 24 a duba ta ƙasa kafin a sa tayil. In ba a yi wannan gwaji ba, ranar da rufin hawan ƙasa ya fara jiƙa ba mai iya cewa ko mai shafawa ne ya bar kafa ko mai tayil ne ya huda.

Kalmomin da ke buɗe ƙofar musu

"Wasu ne za su yi" ba ta ambaci kowa ba. A sa sunan ɓangare, kuma ya fi kyau ya zama babban ɗan kwangila, tunda mai tayil ba shi da yarjejeniya da birkila ko mai famfo. "Da sauransu", "kamar yadda aka saba", "ƙananan gyare-gyare" da "idan da buƙata" duk a share su ko a maye su da lamba. Sannan kada a haɗa togaciya da zato a jeri ɗaya. Togaciya tana cewa wannan ba aikina ba ne ko kaɗan. Zato yana cewa aikina ne, amma na yi farashi bisa sharaɗin kaza, misali cewa za a miƙa hawa guda gaba ɗaya, ba ɗaki-ɗaki ba. Idan zato ya rushe, farashi ko lokaci ne ke canjawa, aikin yana nan a wuyan mai shi.

Mataki na huɗu: tabbatar togaciyar ta shiga kwangilar, kuma ba a danne ta ba

Sau da yawa ƙaramin ɗan kwangila yana rubuta togaciyarsa a takardar farashin da ya aika, sai a kawo kwangilar sa hannu ba tare da ita ba. Idan kwangilar na ɗauke da sakin layin da ke cewa ita ce cikakkiyar yarjejeniya kuma ta shafe duk abin da ya gabata, togaciyar na iya tafiya ke nan. A kwafe ta cikin kwangilar a matsayin rataye mai lamba, kowa ya sa hannu a shafinta.

Bayan haka a nemi wasu jimloli biyu. Ta farko ita ce mai cewa ƙaramin ɗan kwangila zai yi "duk abin da ake buƙata don kammala aikin, ko an ambata ko ba a ambata ba". Babban ɗan kwangila yana da dalilin son ta, don ba zai iya lissafa kowace ƙusa ba, amma a ƙara mata "ban da abubuwan da ke Rataye na 2". Ta biyu ita ce mai saukar da sharuɗɗan babbar kwangila a kan ƙarami. Bayanin ƙa'idar aikin tayil a babbar kwangila yana iya cewa mai sa tayil ne zai shirya ƙasa, alhali ratayen ya cire hakan. Maganin wannan karo shi ne jerin fifikon takardu, irin wanda ke cikin fom ɗin ƙaramar kwangila na 2011 na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya: a jera takardun daga mai rinjaye zuwa ƙasa, a sa ratayen iyakar aiki a sama da bayanin ƙa'ida da zane. A dokokin ƙasashe da dama, jimla mai harshen damo ana fassara ta a kan wanda ya tsara ta, saboda haka barin duhu ba ya taimakon mai rubutawa.

Mataki na biyar: gwada takardar kafin sa hannu

Babban ɗan kwangila ya ajiye togaciyar mai tayil kusa da iyakar aikin birkila da ta mai famfo. Duk abin da aka cire a nan dole ya bayyana a matsayin abin da aka haɗa a wata takarda, ko a cikin aikin da zai yi da kansa. Idan mai tayil ya cire gangaren banɗaki, birkila ma ya cire, to ba wanda ya sa masa farashi. Idan kuma duka biyun sun haɗa, an biya sau biyu.

A ƙara layi kan yadda abin da aka cire ke iya dawowa ciki: sai da umarni a rubuce daga wanda aka ambaci muƙaminsa, kafin a fara, da farashi a kan murabba'in mita ko a kan yini. Maganar baki ta mai kula da wurin aiki ba ta wadatar ba, sai an tabbatar da ita a rubuce cikin kwanakin da aka ƙayyade, misali biyu. A ƙarshe a ba wanda bai halarci ciniki ba takardar, a tambaye shi wa zai cike ramin da ke kewaye da bakin magudana a banɗaki na uku. Idan sai ya buga waya kafin ya amsa, a koma a ƙara wannan layin a rataye.