Yadda ake saita kibod ɗin kwamfuta ga mai rubutu da hannu ɗaya ko mai karkarwar hannu

Kawuna ya shafe shekaru yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama. Da ya samu sauƙi ya koma aiki da hannun hagu kaɗai, shi ma yana ɗan rawa idan ya gaji. Abin da ya fara faɗa mini shi ne, "Ɗana, harafi ba ya gagara ta, amma babban baƙi ya gagare ni, kuma kwamfutar ta koma ƙara mini abin da ban rubuta ba." Matsaloli biyu ke nan, kowacce da nata maganin a cikin Windows, ba sai an sayi komai ba.

Kafin ka taɓa kowane saiti, buɗe Notepad ka sa mai matsalar ya rubuta layi uku kana kallon hannunsa. Abin da kake nema shi ne irin kuskuren: ya kasa haɗa maɓallai biyu ne, ko harafi ɗaya ke fitowa sau biyu, ko kuwa yatsansa na gogar maɓallin da ke kusa? Sannan kai ma ka rubuta layukan. Idan kai ma harafin ya ninku maka, laifin kibod ne. Ƙurar hunturu ta garin nan tana shiga ƙarƙashin maɓallai ta sa su maƙalewa, wannan kuwa shara yake so ko sabon kibod.

Ga wanda ba ya iya haɗa maɓallai biyu, Sticky Keys ake kunnawa. Danna Shift sau biyar a jere, wani akwati zai fito yana tambaya, sai ka zaɓi Yes. Daga nan Shift da Ctrl da Alt da maɓallin tambarin Windows za su riƙa jira bayan an sake su. Kawu zai danna Shift, ya ɗaga yatsa, ya danna k, sai K babba ta fito, Shift kuma ya saki kansa. Haka adana takarda: Ctrl, a saki, sannan S. Har Ctrl da Alt da Delete ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Idan aka danna Shift sau biyu a jere zai kulle, ya ci gaba da aiki har sai an danna shi karo na uku. Maɓallin Fn na laftof kam ba ya cikin waɗannan, don ba Windows ke sarrafa shi ba.

Kada ka tsaya nan. Danna tambarin Windows, ka saki, ka danna U. A Windows 11 zai kai ka Accessibility, a Windows 10 kuma Ease of Access. Zaɓi Keyboard, ka shiga Sticky keys, ka nemi wannan layin:

```
Turn off Sticky keys when two keys are pressed at the same time
```

Kashe shi. Amfaninsa shi ne idan mai hannu biyu ya zauna ya haɗa Shift da wani harafi, saitin ya mutu da kansa. A shagon Kawu akwai yaron da ke taya shi buga furojet ɗin ɗalibai, duk sanda yaron ya tashi sai Kawu ya tarar abin ya daina aiki, ya ɗauka shi ne ya ɓata wani abu. Mai karkarwa ma yakan taɓa maɓallai biyu ba da niyya ba. Ƙarar da ake ji idan an danna Shift kuwa ka bar ta a kunne, da alamar da ke fitowa kusa da agogo, domin su ke nuna masa ko Shift na jira ko ya kulle. Abin da ya fi, a buɗe wa kowa nasa asusun a kwamfutar, tunda saitin yana bin asusu ne.

Karkarwa ita ce ke buƙatar natsuwa. Maganinta Filter Keys, wanda ke shafi ɗaya da na farko, kuma abubuwa uku ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Bounce keys yana watsi da dannawa ta biyu a kan maɓalli ɗaya idan ta zo da sauri, wato ga wanda yatsansa ke dukan harafi ya ɗago ya sake duka. Slow keys ba ya karɓar harafi sai an riƙe maɓallin na ɗan lokaci, ga wanda yatsansa ke gogar maƙwabta kafin ya kai inda ya nufa. Repeat keys kuma na wanda ba ya iya ɗaga yatsa da wuri ne, har harafi ya yi ta zuba kamar aaaa. Zaɓi wanda ya dace da abin da ka gani a Notepad. A tsohon Control Panel ma ba a ba ka damar haɗa Bounce Keys da sauran biyun ba, ɗayan ɓangare za ka ɗauka.

Na Kawu ninki ne: yana nufin "Daura" sai "Dauura" ta fito. Muka kunna bounce keys a kan daƙiƙa 1, ninkin ya tafi, sai wata sabuwa ta ɓullo. Ya rubuta "sannu" ta fito "sanu", "hannu" ta koma "hanu", "kullum" ta zama "kulum". Kwamfuta ba ta san bambancin karkarwa da niyya ba, lokaci kawai take aunawa, Hausa kuwa cike take da baƙaƙe masu ninki. Lambobi sun fi haɗari. A takardar cinikin fili ya buga 500000, sifilai suka zube, kuma ido ba ya saurin kama wannan kamar yadda yake kama kalma. Backspace ma idan ka danna shi sau uku da sauri, ba duka zai karɓa ba.

Muka sauko da lokacin zuwa daƙiƙa 0.5, na kuma ba shi jimlar gwaji: "Sannu babba, kullum hannu 1000." Idan baƙaƙen ninki sun ɓace, lokacin ya yi yawa ko shi ya yi sauri. Idan ƙarin haruffa sun dawo, ya yi kaɗan. A rabin daƙiƙa ya daidaita, da sharaɗin ya ɗan dakata tsakanin n da n, kamar mai jan numfashi. A ganina a fara daga mafi ƙanƙantar lokaci a hau sama, domin jinkiri mai yawa yana gajiyar da hannu, gajiya kuma ƙara karkarwar take yi. Haka slow keys: fara da 0.3. Ka yi gwajin da yamma, lokacin da hannun ya gaji, kada ka dogara da na safe kaɗai.

Akwai tarko ɗaya. Riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 yana kunna Filter Keys ko ya kashe shi, mai rubutu da hannu ɗaya kuwa yakan jingina yatsa a kansa yana tunani. Idan ya kunnu ba da sani ba, kibod zai yi kamar ya mutu, har a fara maganar kai wa mai gyara. Gwada riƙe harafi ɗaya na daƙiƙa biyu. Idan ya fito, kibod lafiyarsa ƙalau, saiti ne. Da zarar kun samu lokacin da ya dace, kashe Keyboard shortcut for Filter keys a shafin nan don kada ya sauya da kansa.

Saura kalmar sirri. Idan tana da babban baƙi ko alama kamar @, akwai alamar Accessibility a kusurwar dama ta ƙasan allon shiga, inda za a kunna Sticky keys kafin a buga ta. Idan kuma tana da harafi ko lamba da ke maimaituwa a jere, ga bounce keys a kunne, ɗigo-ɗigo kawai ake gani, ba za a gane wanda ya faɗi ba. Kawu dai canza tasa ya yi zuwa wadda babu ninki a cikinta.