Yadda ake warware da'irar RLC ta jere da fezo

A ce ka jera rizista da indokta da kafasita a layi ɗaya, ka jona su da wutar AC mai bolt 100, sannan ka ɗauki mita ka auna kowanne. A kan rizista ka ga bolt 69.6, a kan indokta 145.7, a kan kafasita 73.8. In ka tara su za ka sami wajen 289, alhali 100 ka ba da'irar. Mitar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne boltejin nan uku ba sa kai ƙololuwarsu lokaci ɗaya, don haka ba a tara su kai tsaye. Fezo shi ne dabarar da ke riƙe mana girman kowanne da lokacinsa a lamba guda.

Wutar AC hawa da sauka take yi a siffar igiyar sayin. Ka ɗauka wata kibiya ce ke juyawa kamar hannun agogo, sai dai ta baya take bi, tsayin bakinta daga kwance kuwa shi ne ƙarfin wutar a wannan ƙiftawar. Tunda duk kibiyoyin da'irar da gudu ɗaya suke juyawa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa. Sai mu tsayar da su cak, mu rubuta tsawon kowace da kusurwarta, kamar 100∠0°. Wannan shi ne fezo. Charles Steinmetz ne ya yaɗa yin wannan lissafi da lambobi masu j, tun a 1893. Ita j ɗin nan ita ce √(−1), wadda masu lissafi ke rubutawa i, amma a lantarki i ta riga ta zama alamar karant. Ma'anarta a aikace mai sauƙi ce: ninka abu da j juya kibiyarsa ne gaba da digiri 90, ninkawa da −j kuma juya ta baya.

Ga da'irarmu: R = 30 Ω, L = 0.2 H, C = 100 µF, wuta V = 100 V a ma'aunin RMS, wato ƙimar da mitar AC ke nunawa, firikwensi f = 50 Hz.

Matakin farko, nemo ω, wato gudun juyawar kibiyar. ω = 2πf = 314.2 rad/s. Kada ka tsallake 2π ɗin nan, domin in ka saka 50 a gurbin ω, duk abin da zai biyo baya ya lalace.

Mataki na biyu, mayar da kowane abu zuwa imfidans, wato turjiyar da yake yi wa wutar AC, a ma'aunin om. Rizista ba ruwansa da firikwensi, 30 Ω ɗinsa na nan yadda yake. Na indokta shi ne jωL, kuma 314.2 × 0.2 ya ba da 62.8, wato +j62.8 Ω. Na kafasita shi ne 1/(jωC), wanda daidai yake da −j/(ωC). A nan ka tuna 100 µF na nufin 0.0001 F, sai ωC ya zama 0.03142, in ka raba 1 da shi ka sami 31.8, wato −j31.8 Ω.

Alamun nan biyu, + da −, su ne zuciyar al'amarin, kuma na fi son a fahimce su a kan a haddace. Indokta ba ya son karant ya canza, sai bolteji ya fara matsa masa kafin karant ya biyo, shi ya sa boltejinsa ke gaban karant da digiri 90. Kafasita kuwa sai karant ya fara zuba masa caji kafin bolteji ya taru a kansa, don haka nasa boltejin a baya yake da digiri 90. Ɗaya gaba, ɗaya baya, tsakaninsu digiri 180 ke nan. Duk sa'ad da ɗaya ya ja sama, ɗayan ƙasa yake ja.

Mataki na uku, tara su, tunda a jere suke:

Z = 30 + j62.8 − j31.8 = 30 + j31.0 Ω

Sai a mayar da wannan zuwa tsawo da kusurwa. Tsawon shi ne √(30² + 31²) = 43.1 Ω, kusurwar kuma tan⁻¹(31/30) = 45.9°. Duba kalkuletarka tana kan DEG. In ka ga 0.80 ya fito, a kan RAD take. Dalilin wannan juyi shi ne tarawa ta fi sauƙi a siffar a + jb, rabawa da ninkawa kuma sun fi sauƙi a siffar tsawo da kusurwa.

Mataki na huɗu, dokar Ohm yadda ka san ta, sai dai Z ta maye gurbin R. Ana raba tsawo da tsawo, a ɗebe kusurwa daga kusurwa:

I = 100∠0° / 43.1∠45.9° = 2.32∠−45.9° A

Karant na bin bayan wutar da digiri 45.9, saboda indokta ya rinjayi kafasita. In kana da osiloskof za ka gani da idonka: zagaye ɗaya a 50 Hz milisakan 20 ne, don haka igiyar da ke kan rizista za ta kai ƙololuwa kimanin milisakan 2.55 bayan ta tushen wutar.

Mataki na biyar, boltejin kowanne. Ninka I da imfidans ɗinsa, a ninka tsawo, a tara kusurwa. Ka tuna +j kusurwar 90° ce, −j kuma −90°.

VR = 69.6∠−45.9° V
VL = 145.7∠44.1° V
VC = 73.8∠−135.9° V

To ga lambobin da mita ta nuna tun farko. Yanzu gwada amsarka, kuma kada ka taɓa barin wannan gwaji. VL da VC kishiyoyin juna ne, sai a ɗebe: 145.7 − 73.8 = 71.9. Wannan ragowar tana tsaye da digiri 90 a kan VR, don haka √(69.6² + 71.9²) ya ba da 100. In naka bai koma 100 ba, fara duba alamar kafasita. Wanda ya saka +j31.8 zai sami Z mai tsawon kusan 99 Ω da karant wajen 1 A, ƙasa da rabin na gaskiya.

Bolt 145.7 da ke kan indokta ba na takarda ba ne kaɗai, da gaske yana nan, ko da yake ya fi na tushen wutar. Indokta da kafasita miƙa wa juna makamashi suke yi, wannan ya ajiye wancan ya karɓa. Saboda haka in za ka zaɓi kafasita, boltejin da ke kansa za ka duba, kuma a ƙololuwarsa: 73.8 × 1.414 ya kai kusan bolt 104. Abin da ake ƙonawa ya zama zafi a rizista kaɗai yake, I²R, kimanin wat 161. Ninka 100 da 2.32 zai ba ka 232, amma sai ka ƙara ninkawa da cos 45.9°, wato 0.696, kafin ka dawo kan 161.

In ka rage firikwensi zuwa 35.6 Hz, wato 1/(2π√(LC)), na indokta da na kafasita za su zama 44.7 Ω kowanne, su shafe juna. Z ta koma 30 Ω zalla, karant ya hau 3.33 A, kusurwa ta zama sifiri. Wannan shi ake kira rezonans. Ƙasa da nan kafasita ne zai rinjaya, karant ya koma gaban wutar.

Dabarar na da iyaka. Tana aiki ne da igiyar sayin mai firikwensi ɗaya, bayan da'irar ta daidaita, ban da 'yan zagayen farko da aka kunna ta. Haka kuma kada ka cakuɗa RMS da ƙololuwa: bolt 100 na RMS ƙololuwarsa 141 ce, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshe. Indokta na gaske kuma nannaɗaɗɗiyar waya ce mai nata rizistans. In karant ɗin da ka auna ya gaza 2.32 A, kashe wutar, ka cire indoktar ka auna shi a kan Ω. Ka ga kamar 5 Ω, sai ka ƙara a kan 30 ɗin: Z ta zama 35 + j31, tsawonta 46.8 Ω, karant kuma 2.14 A.