Yadda ake bambance tusar jaki da kanta a tafin ƙafa

Mutum zai ji wani abu mai tauri a tafin ƙafarsa, kamar ya taka tsakuwa, sai ya nufi kemis ya sayi filastar kanta, ko ya kai wa mai yankan farce ya sa masa reza. Matsalar ita ce abubuwa da yawa suna kama da juna a wannan wuri, kuma maganin ɗaya yana iya ɓata ɗayan. Kafin a taɓa komai, a fara gane ko mene ne. Binciken bai wuce minti 15 ba.

A jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi na minti 10, a goge saman wurin a hankali da dutsen goge kaushi har farar matacciyar fatar ta ragu, a tsane da tsumma. Sannan a haska da fitilar waya, a ɗauki hoto a buɗa shi. Idan akwai lalle a ƙafar, a jira ya kode, domin yana ɓoye launin da ake son gani.

Abu na farko da za a duba shi ne layukan fata. Tafin ƙafa yana da siraran layuka irin na zanen yatsa. Kanta fatar mutum ce da ta yi kauri saboda guga da matsi, don haka layukan suna ratsawa ta kanta. Tusar jaki kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitoci ke kira HPV, tana shiga ta faso ko ƙaramin rauni ta sa fata ta tsiro ba bisa tsarinta ba. Shi ya sa layukan suke tsayawa a bakinta, su kewaye ta.

Na biyu, a dubi tsakiyar. Kanta mai ido tana da ƙwaya ɗaya mai tauri, ruwan ɗorawa, mai ɗan sheƙi, wadda ta nutse ciki kamar ƙusa. Tusar jaki samanta gautsi-gautsi ne, da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Mutane suna cewa saiwarta ce ko irinta, amma ƙananan jijiyoyin jini ne da jinin ya daskare a cikinsu. Idan aka goge ta da yawa sai jini ya tsatso ɗigo-ɗigo, abin da kanta ba ta yi sai an kai ga lafiyayyar fata.

Na uku, a danna wurin kai tsaye da babban yatsa, sannan a matse shi daga gefe biyu kamar mintsini. Kanta ta fi zafi da danni, tusar jaki ta fi zafi da mintsini. Wannan gwaji yana taimakawa, amma bai kai na layuka ƙarfi ba, kada a dogara da shi shi kaɗai.

A ɗauki misalin manomin shinkafa a fadamar Argungu, mai wuni cikin ruwa ba takalmi, ya koma gida cikin takalmin roba. Yana da wurare biyu a ƙafar dama. Ɗaya yana ƙarƙashin ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, daidai inda takalminsa ya cinye, layuka sun ratsa shi, kuma danni ne ke sa shi janye ƙafa. Wannan kanta ce. Ɗayan yana gefen diddige kusa da wani faso, faɗinsa kamar ƙwayar wake, da baƙaƙen ɗigo, ga wasu ƙanana biyu sun fito kusa da shi. Wannan tusar jaki ce, domin kanta ba ta haihuwa, kuma ba ta yaɗuwa.

Ita kantar, maganinta raba ta da matsi. A goge ta bayan wanka sau biyu ko uku a mako, a shafa mai, a yanka soso ko kauri-kaurin ƙyalle da rami a tsakiya a ɗora yadda nauyi zai sauka kewaye da ita, a kuma sauya takalmin. Duk yadda aka ƙwaƙule ta, in takalmin bai sauya ba za ta dawo cikin 'yan makonni.

Tusar jaki tana son haƙuri. A wurin yara da yawa takan ɓace da kanta cikin shekara biyu, don haka wadda ba ta zafi ana iya ƙyale ta. In tana hana tafiya, a nemi maganin shafawa mai sinadarin salisilik, na ruwa mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, ko filasta mai kashi 40. Kowane dare a jiƙa ƙafar minti 5, a goge farin da ya mutu, a tsane, a shafa man basilin a lafiyayyar fatar da ke kewaye, sannan a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai a rufe. Ana iya kai mako 12 ana yi. Wasu masu cewa maganin bai yi ba, sun daina ne da wuri, ko kuma ba sa goge matacciyar fatar, sai maganin ya tsaya a sama. In wurin ya yi ja yana raɗaɗi, a huta kwana biyu ko uku. An gama ne ranar da layukan fata suka dawo suka ratsa wurin. Dutsen da aka goge ta da shi kuma kada ya taɓa kantar, kada wani a gidan ya ara.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa wannan magani ko reza ba sam: mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ta mutu ba ya jin taɓi, irin wanda ya taɓa yin kuturta, da wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa. A wurinsu kantar da ta yi duhu a ƙarƙashi sau da yawa gyambo ne ke ɓoye, kuma ba za su ji zafin da zai gargaɗe su ba. Nasu na asibiti ne tun ranar farko.

Idan abin bai dace da kanta ba, bai dace da tusar jaki ba, a tuna da ƙaya. Guntun ƙayar aduwa da ya karye a ciki yana tara fata mai tauri a kansa, da zafi a wuri guda, wani lokaci da mugunya. Kumburin da ya daɗe yana girma ba zafi, ya huje yana fitar da ruwa da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, wata cuta ce da ke bin ƙaya daga ƙasa, kuma tana cin ƙashi in an bar ta.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne baƙin tabo. Akwai sankarar fata wadda a jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, kuma da farko ba ta zafi. Tabon da ya fito wa babba sabo, faɗinsa ya wuce milimita 6 ko 7, bakinsa ba daidai ba, launinsa haɗe da baƙi da ruwan ƙasa, yana girma ko yana jini, kada a ce tawadar Allah ce. Haka duk tsiron da aka yi wa magani wata uku bai motsa ba. Kada a ƙona shi, kada wanzami ya yanke, domin likita yana bukatar naman yadda yake don a gwada. A je babban asibiti, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, tare da hoton da aka ɗauka ranar farko, a gaya wa likita watan da aka fara ganinsa.