Babi na 7: Gyara jadawali kafin a buga shi a takarda

A babin da ya wuce mun mayar da jerin sunaye daga PDF zuwa jadawali a cikin Word. A fuskar kwamfuta yana da kyau, amma in kuka buga shi yadda yake, gefen dama zai yanke, shafi na biyu zai fito babu kai, sunan mutum ɗaya kuma ya rabu gida biyu. Kowace takarda da ta lalace kuɗi ce, don mai shagon buga takardu ba ya yafe ko ɗaya.

Misalinmu jerin matan wata ƙungiya ne da suka karɓi bashin taki, mutum 120 daga ƙauyukan Madarunfa da Tibiri. Jadawalin yana da layukan tsaye shida: lamba, suna, ƙauye, buhu, kuɗi, da wurin sa hannu. Kowane layin kwance mace ɗaya ce. Layi na farko, inda aka rubuta Lamba, Suna, Ƙauye da sauransu, shi ne kan jadawali. Yawancin kwamfutocin Maradi da Faransanci suke, saboda haka kalmomin da za ku gani a allo an rubuta su nan yadda suke. Ba sai kun iya Faransanci ba, ku bi baƙi da baƙi har ku gane kalmar.

Darasi na 1: Takardar kanta

Kada ku taɓa jadawali sai kun daidaita takarda. Ku duba sama, ku danna Mise en page (a wasu kwamfutoci an rubuta Disposition), sannan Taille, ku zaɓi A4. Faɗinta santimita 21, tsayinta 29,7, ita ce ake sayarwa a nan. Fayil da ya zo daga wani wuri yakan kasance a kan Lettre, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan kuma ba ta kai ta tsayi ba. In aka bar shi haka, wurin da shafi ke ƙarewa a allo daban, a takarda daban.

Sai Marges, wato farin fili na gefen takarda. Ku danna Marges personnalisées, ku sa 2 a sama, 2 a ƙasa, 2 a hagu, 2 a dama. Yanzu ku yi lissafi a littafinku: 21 a cire 2 na hagu, a cire 2 na dama, saura 17. Santimita 17 ɗin nan ita ce duk filin da kuke da shi. Ku rubuta 17 da babban baƙi, ku zagaye ta.

Darasi na 2: Rabon faɗi

Jadawalin da aka mayar yakan zo da layukan tsaye masu faɗi ɗaya. Sai ka ga wurin lamba ya samu fili kamar wurin suna, alhali lamba ba ta wuce baƙi uku ba, suna kuwa yana kaiwa kalma huɗu idan an haɗa da na miji. Rabon daidai bai dace a nan ba, kowane layi a ba shi gwargwadon abin da yake ɗauke da shi. Ga rabon da ya dace da jerinmu:

Lamba 1,2
Suna 5
Ƙauye 3
Buhu 1,6
Kuɗi 2,4
Sa hannu 3,8

Ku tara su da kanku, za ku samu 17 cif. In jimla ta wuce 17, layin ƙarshe zai shiga farin fili ko ya faɗa wajen takarda, kuma wurin sa hannun ne zai tafi.

Da farko ku hana Word canja muku awo. Ku sa linzami a kan kalmar Lamba a layi na farko, ku danna maɓallin linzami na dama, ba na hagu ba. Ku zaɓi Propriétés du tableau. A ƙasa akwai Options, ku danna, ku cire alamar da ke gaban Redimensionner automatiquement pour ajuster au contenu, ku danna OK. In alamar nan na nan, duk sunan da ya yi tsawo zai iya ture maƙwabtansa.

Sannan ku danna Colonne a saman wannan akwatin. Ku sa alama a Largeur préférée, ku rubuta 1,2. Waƙafi ake sawa tsakanin 1 da 2, ba ɗigo ba. Ku danna Colonne suivante ku rubuta 5, haka har shidan su cika, sannan ku danna OK. Akwai masu son jan layi da linzami don ya fi sauri. Ban hana ba in hannu ya saba, amma mai koyo in ya ja, sau da yawa gida ɗaya kawai yake ja, jadawalin ya karkace. In haka ta faru ku danna Ctrl+Z nan take don ya koma yadda yake.

A gwada wurin kuɗi da adadi mafi girma a jerin. In 125 000 ya karye, 125 a sama, 000 a ƙasa, fili bai isa ba. Ku rago rabin santimita daga Suna ku ƙara masa, jimla dai ta tsaya 17.

Darasi na 3: Kada layin mutum ɗaya ya rabu

Matar da sunanta ya ci layi biyu, in ta faɗo a ƙarshen shafi, Word yana iya barin rabin sunan a shafi na 2, rabin a shafi na 3. Ranar biyan bashi sai a ga kamar mutum biyu ne, ɗaya babu kuɗi a gabanta. Rigima ke nan.

A wannan aikin jadawali gaba ɗaya ake zaɓa. Ku kai linzami kusurwar sama ta hagu, za ku ga ƙaramin akwati mai kibiya huɗu. Ku danna shi, jadawali duka ya yi duhu. Dannan dama, Propriétés du tableau, Ligne. Ku cire alamar da ke gaban Autoriser le fractionnement des lignes sur plusieurs pages. Cirewa ake yi, ba sawa ba.

Tun kuna wurin, ku sa alama a Spécifier la hauteur, ku rubuta 1,5 don mai dangwala yatsa ta samu fili. A gefensa ku zaɓi Au moins. In kuka bar shi a Fixe, layin ba zai buɗe ba ko rubutu ya yi yawa, ƙasan sunan zai ɓuya, kuma jadawalin da ya fito daga PDF sau da yawa da Fixe yake zuwa. Ku danna OK. Da wannan tsayin, kimanin mutum 16 ke shiga shafi, jerinmu zai ci shafi 8.

Darasi na 4: Kan jadawali a kowane shafi

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu tafi sannu.

Akwatin da muka buɗe a darasi na 3 shi za mu sake buɗewa, amma zaɓin ba ɗaya ba ne. A can jadawali duka muka zaɓa. A nan layi na farko kaɗai. Kafin komai, ku danna wani farin wuri a wajen jadawali don duhun ya tafi. Ku duba da idonku: akwai sauran duhu? In akwai, ku sake dannawa.

Yanzu ku danna cikin kalmar Suna da ke layi na farko, sau ɗaya. Ɗan sandan rubutu yana ƙiftawa a layi na farko? To, dannan dama a wurin, Propriétés du tableau, Ligne. Ku karanta abin da aka rubuta a saman akwatin. In ya ce Ligne 1, kun yi daidai. In ya nuna wata lamba ko layuka da yawa, ku danna Annuler ku koma baya. Sai in ya ce Ligne 1 za ku sa alama a Répéter en haut de chaque page en tant que ligne d'en-tête, ku danna OK.

Me ke faruwa in jadawali duka yana zaɓe aka sa alamar? Kun gaya wa Word cewa layukan 121 duka kai ne. Ba zai iya maimaita su a saman shafi ba, sai ya ƙi maimaita ko ɗaya, kuma ba zai ce muku komai ba. Gyaransa: ku zaɓi jadawali duka, ku cire alamar, OK, ku danna waje, ku danna cikin layi na farko, ku sake sa ta. Ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara, kuma babu abin da ya lalace.

Ku maimaita da baki: hana rabuwa, jadawali duka. Maimaita kai, layi na farko kaɗai. Ku gangara shafi na 2 ku duba. Kan ya fito? Ku koma ku cire alamar, ku sake yi daga farko, sau uku, ba tare da duba littafi ba. Kowane karo ku nemi Ligne 1 kafin ku sa alama.

Kuma don Allah a daina rubuta kai da hannu a saman kowane shafi. An faɗa, an sake faɗa, har yanzu ana kawo aiki haka. Da an ƙara suna ɗaya a shafi na farko, duk kawunan da aka rubuta da hannu za su gangaro tsakiyar sunaye. Wanda ya kawo irin wannan aikin zai sake shi. Kan da Word ya maimaita ba ya danuwa a shafi na 2, ba matsala ba ce, a layi na farko ake gyara shi, sauran su bi.

Darasi na 5: In kan ya ƙi fitowa

In an bi darasi na 4 daidai amma shiru, ku duba abu biyu. A Propriétés du tableau, ƙarƙashin Tableau, Habillage du texte ya kasance a kan Aucun. In yana kan Autour, kan ba ya maimaituwa.

Na biyu, jadawalin da ya fito daga PDF yakan zo gunduwa-gunduwa, kowane tsohon shafi da nasa jadawali. Ku danna alamar ¶ a Accueil. In kun ga ¶ ko Saut de page tsakanin layuka biyu, ku share shi da Suppr, guntayen su haɗe. Tsofaffin kawunan da suka rage a tsakiya, ku goge layinsu. Bayan haɗewa ku sake darasi na 2 da na 3, sannan Ligne 1.

Darasi na 6: Layukan tsaye sun yi yawa

In sun kai tara ko goma, Mise en page, Orientation, Paysage. Filinku ya zama 25,7. Ku sake rabon faɗi. Kada a ƙanƙance rubutu ƙasa da 10, tsofaffi za su karanta.

Darasi na 7: Bugawa

Ctrl+S, sannan Ctrl+P. Ku duba sama da ƙasan kowane shafi a hoton da ya fito. Ku buga shafi na 2 kaɗai tukuna, in ya yi, a buga sauran.

Aikin gida: jerin mutum 40, layukan tsaye biyar, a kawo a buge.